Abin da Wayar Baba Take Aiko Mini

Sunan surukina Zailani. Rubutawa na yi, ban faɗa da baki ba, don haka kada wata ta je ta ce Barakatu ta kama sunan uban mijinta. A gida Baba muke ce masa. A tasha kuwa Ɗan Zango suke kiransa, duk da cewa haifaffen cikin Daura ne, saboda tun yana saurayi hanya ɗaya ya riƙe: Daura zuwa Zango, Zango zuwa Daura.

Da yaron mota ya fara, a wata tsohuwar babbar mota mai ɗaukar gyaɗa. Daga nan ya samu fijo ta wani Alhaji yana ja, har Allah ya hore masa tasa ta kansa. Yanzu wata Golf ce gare shi mai dogon baya, wadda ƙofarta ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje. Ya san kowane rami a hanyar nan, ya san gidan da awakinsa ke tsallaka titi ba sallama. Mata su ba shi ƙullin daddawa ya kai wa 'ya'yansu, 'yan kasuwa su ba shi buhu ba tare da sun bi shi ba. Bai taɓa buge ko kaza ba, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Abu ɗaya ne kowa ya san shi da shi: Baba ba ya zama a gefen direba. Ko ta'aziyya za a tafi a motar wani, ko dai a miƙa masa makulli ko ya bi su a baya da tasa. Ranar da aka kawo ni gidan nan, shi uban ango guda, shi ya ja motar kayan ɗakina, wai yaran yanzu za su fasa mini madubi. Ranar da ciwon Iya, matarsa, ya tsananta, shi ya tuƙa ta zuwa asibiti, shi kuma ya tuƙo gawarta gida. Tun daga lokacin bai ƙara aure ba. Abincinsa daga sashena yake fita, in kai masa zaure in durƙusa in ajiye, ya ce, “Sannu, 'yar nan,” in ce, “Yauwa, Baba.” Shekara da shekaru hirarmu ba ta wuce wannan ba.

To wannan mutumin ne na zo na san abin da yake ɓoye wa duniya game da idanunsa da sitiyarinsa, ba don na nema ba. Kuma duk aikin ɗansa ne.

Maigidana Jibril, uban 'yarmu Fadila, aikin wutar lantarki yake yi a wani kamfani a Kano, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Mutumin kirki ne, amma in ya yi niyyar alheri ba ya tsayawa tambaya. Ni tela ce, ina ɗinkin mata a cikin gida. Da na yi sabuwar waya na jefa tsohuwar a durowa. Shi kuwa ya zo hutu, ya ga ƙaramar wayar Baba mai madannai ta mutu, ya buɗe durowa ya ɗauki tawa, ya goge hotunan da ya gani da saƙonni, ya sa layin Baba, ya kai masa. Na tambaye shi ko ya wanke wayar gaba ɗaya. Ya ce, “Tas.” Ashe asusuna na Google yana nan zaune a ciki daram.

Ga yadda nake aikina. In na ga ɗinki mai kyau a intanet, sai in danna maɓallan gefe biyu tare, waya ta ɗauki hoton abin da ke kan fuskarta. Sikirinshot ke nan. Da ire-irensu nake nuna wa mata samfuri. Don kada su ɓace in waya ta lalace, tun tuni na sa aka kunna mini ajiya: duk hoton da na ɗauka da kyamara, da duk sikirinshot, su hau ma'ajiyar intanet da kansu, ko da datar layi ce, tunda ba mu da wani wayfai a gida. A tsohuwar wayar aka yi wannan saitin, kuma a haka ta tafi aljihun Baba.

Na fara gane akwai matsala ne a gaban baƙi. Wata amarya ta zo da ƙawayenta zaɓen ɗinki, na miƙa musu waya da alfahari na ce su yi ta dubawa. Suna ja, suna yabawa, sai na ga sun tsaya a kan wani hoto. Ɗaya ta juyo mini da wayar ta ce, “Anti, wannan kuma hannun riga ne ko wuya?” Hoton bakin injin mota ne. Bayansa sanarwar taron ƙungiyar direbobi. Bayansa wani saƙo: buhun gero biyu, a ba mai shayi na bakin tasha. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, irin wadda ake yi da haƙora.

Daga ranar abin ya zama ruwan sama. In buɗe manhajar hotuna da safe, in tarar da Baba ya riga ni. Ba ya rubuta komai a takarda. Wanda ya turo masa lambar mai karɓar saƙo, sikirinshot. Wa'azi, sikirinshot. Farashin taya, sanarwar rasuwa, hoton ragon wani, sikirinshot. Wani lokaci ma fuskar wayar ce kawai da agogo, hannunsa ya matse maɓallan a banza. In nemi wata doguwar riga da na ajiye, sai na ratsa ta cikin tayoyi da mamata kafin in same ta. Lambobin wayata ma suka haihu. Ina neman Maman Rukayya sai in ci karo da Mai Faci, Mai Faci Na Biyu, Kamasho, da wani wai shi Ɓarawon Fetur.

Shi ma a ɓangarensa ba daɗi yake ji ba. Ina jiyo shi a zaure yana faɗa wa abokansa cewa wayoyin zamani shan data suke kamar tsohuwar mota da baƙin mai. Ya sa kati da safe, kafin la'asar an ce ya ƙare. Ya zagi masu layi, ya zagi masu ƙera waya. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na san inda wani kaso na datar yake tafiya: wajen kawo mini hotunan da ban aika a kawo ba.

Na kira Jibril. Ya ce, “To ki kashe abin mana.” Na shiga saitin wayata na kashe ajiyar, na kwanta da murna. Washegari hotunan Baba suka iso kamar kullum, nawa ne kawai suka daina hawa. Na sake kiransa. Ya ce, “To ki goge su.” Na ce ya zo ya karɓi wayar ubansa ya gyara abin da ya ɓata. Ya ce ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo, ya ci tuwo, ya yi barci, ya je ɗaurin aure biyu, ya koma Kano. A tasha ya tuna, ya turo mini saƙo wai in yi haƙuri.

Wata za ta ce me ya hana ni zuwa da kaina in ce, Baba, ba ni wayarka. Wadda ta faɗi haka ba a gidan surukai take zaune ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ni da ko tari ne ya taso mini a gabansa haɗiye shi nake yi, ta ina zan fara? In ce masa watanni ke nan ina ganin duk abin da ya ɗauka a wayarsa? Ai gara ƙasa ta tsage in shige.

Da manhajar ta fara yi mini gargaɗin cewa wurin ajiya ya kusa cika, na saka hijabi na tafi shagon Kalilu mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ɗan unguwarmu ne, tare suka yi makaranta da Jibril. Na zayyane masa komai, ya yi dariya son ransa, sannan ya ce:

“Maman Fadila, ai ba ke kaɗai ba ce. Gida nawa a garin nan asusu ɗaya ne a waya huɗu. Wayarki da ta Baba kamar ɗaki ɗaya ne mai ƙofa biyu. Kin rufe taki, tasa tana buɗe. Kowace waya da nata madannin, sai an riƙe tasa a hannu za a kashe.”

“To in goge hotunan daga nan?”

“A kula. In kika goge su a cikin manhajar, daga ma'ajiyar kika goge, kuma na kan wayarsa ma suna iya bin su. Za su ɗan jima a kwandon shara, ana iya dawo da su, amma kafin nan Baba ya tara mana jama'a. Cikar wurin kuma kada ki ɗora masa duka. Hotunansa ƙanana ne, bidiyoyin bikinki ne suka cinye rabin gidan. Kuma wuri ɗaya ne da imel ɗinki, in ya cika saƙo ma ba zai shigo ba.”

Wannan bai yi mini daɗi ba, amma na haɗiye. Na ce ba yadda za a yi in kore shi daga nesa?

“Akwai. Ki canza kalmar sirri, ko ki fitar da wayarsa daga asusun. Hotuna za su tsaya. Sai dai wayar za ta dame shi da tambaya, ya kai wa wani a tasha, a cire asusun gaba ɗaya, lambobinsa su bi shi, tunda a cikin naki yake ta ajiye su. Direba ba lambobi, kin ga an yi ɓarna. Hanya mai tsabta ita ce a kawo wayar, a kwashe lambobin, a buɗe masa nasa asusun, a cire naki. Kafin nan a kashe ajiyar a wayarsa. In an kashe, babu abin da zai hau sai wanda mutum ya zaɓa da hannunsa ya tura.”

Na dawo gida da ilimi, ba tare da mafita ba. Na zauna da rana bayan azahar na rage bidiyoyina, ina tsaki. Da na zo kan hotunan Baba, na yi niyyar wucewa da sauri kamar yadda na saba, don Allah ya sani ba na son karanta saƙon mutane. Amma jere suke, wata bayan wata, kuma idon tela ba ya rasa ganin abin da ya sake girma.

A farko saƙo ɗaya hoto ɗaya ne. Can gaba sai ya zama biyu: na farko yadda saƙon yake, na biyu an buɗa shi da yatsu an sake ɗauka. Can kuma uku, huɗu. A na baya-bayan nan, lambar waya guda sai ya raba ta gida uku, kowane hoto lambobi kaɗan ne manya-manya sun cika fuskar wayar. Ashe ba son tara tarkace ba ne. Rubutun saƙo ba ya buɗuwa da yatsu, hoto kuwa yana buɗuwa. Dabarar da Baba ya samo ke nan don ya iya karantawa ba tare da ya ce wa kowa ya karanta masa ba.

Na ce a raina tsufa ne, tabarau zai yi magani. Sai na ci gaba da ja. Akwai shafukan bincike, irin wanda ake yi da murya, don kalmomin sun fito a karkace. Maganin hazo a ido. Me ke sa mutum ya ga fitilar mota biyu-biyu. Me ke sa rana ta rufe ido fari fat. Hanyar Zango gabas take, da safe rana a fuskarsa, in ya juyo da yamma kuma tana jiransa. Na tuna madubin gefen motar da ya dawo da shi a karye, ya ce ɗan acaɓa ne. Na tuna yadda ya daina lodin yamma, ya ce fasinja sun yi ƙaranci. Mota cike da mutane, mata da goyo, da mutumin da bai taɓa buge ko kaza ba.

Hoton ƙarshe na safiyar ranar ne. Tallar wani mai magani ce da ke yawo kasuwa-kasuwa, wai yana kwantar da yanar ido da allura nan take, ba asibiti ba tiyata, kuma zai sauka Zango ranar kasuwa mai zuwa. Baba ya ɗauki lambarsa, ya buɗa ta, ya raba gida uku. Ina da gwaggo a Sandamu da aka yi wa irin wannan aikin. Da ɗan ganinta ta je, yanzu sai an ja ta.

Haushi ne ya fara zuwa mini kafin tausayi, ba zan ɓoye ba. Haushin Jibril da ya jefa ni cikin wannan. Haushin wayar da ba ta tambayi kowa ba. Haushin tsohon da ya gwammace ya ɗauki rayukan mutane cikin hazo da ya buɗe baki ya ce ba ya gani. Na kira Jibril na gaya masa. Ya ce, “Kin tabbata? Baba fa ko allura ya gani a ƙasa sai ya ɗauka.” Na ce ya kira shi. Ya kira, Baba ya ce lafiyarsa ƙalau, ya tambaye shi wa ya ce ba shi da lafiya, Jibril ya ce babu kowa, gaisuwa ce. Ya sake kirana ya ce, “Kin ji, ya ce lafiya lau.” Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai sa a tara mana manya.

Ranar kasuwar tana matsowa. Ana jibi, da yamma, na ɗauki kwanon tuwo na kai zaure. Baba yana kan tabarma, wayar a kusa da hancinsa. Na durƙusa na ajiye. Ya ce, “Sannu, 'yar nan.” Na ce, “Yauwa, Baba.” Ban tashi ba.

Ya jira. Na jira. Ya ce, “Da magana ne?”

“Baba, wayar nan ce. Na ji kana cewa tana shan data. Na san abin da ke sha.”

Nan da nan ya miƙo ta, har da murna. Na karɓa da hannu biyu. Kafin in taɓa komai na shiga saiti na ƙara girman rubutu har ƙarshe, na mayar masa na ce ya duba. Ya kalli fuskar wayar. Sunayen mutanensa sun fito manya, ba sai an ɗauki hoto ba. Na ga ya ji daɗi, sai kuma na ga daɗin ya tsaya.

“Wa ya ce miki ina son manyan baƙaƙe?”

Idona a kan tabarma na gaya masa. Na ce wayar tawa ce ta da, Baban Fadila bai cire asusuna ba, don haka duk hoton da ya ɗauka yana hawa wata ma'ajiya a intanet, ni kuma ina ganinsa a tawa. Na ce ba da gangan ba ne, kuma na nemi hanyar tsayar da shi tun tuni ban samu ba.

“Duka?” ya ce.

“Duka, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da aka ba ka ita.”

Ina jin kaji suna shiga akurki, ina jin Fadila tana rigima a cikin gida. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya yi tsawa da ya fi mini sauƙi.

“Wato ina zaune a zaurena, ashe a tsakar gida nake. Rufe shi.”

Ya sake miƙo wayar. Na buɗe manhajar hotuna, na taɓa hoton asusun a sama, na shiga wurin ajiya na kashe. Na nuna masa na ce daga yanzu babu abin da zai tafi da kansa, sai wanda ya zaɓa ya danna alamar turawa. Na ce waɗanda suka riga suka hau suna nan, in ya so a goge, kuma Kalilu zai iya buɗe masa nasa asusun a cire nawa ba tare da lambobinsa sun ɓata ba.

“Babu wanda zan zaɓa,” ya ce. “Ba ni.”

Na ba shi. Ya kamata in tashi a nan. Ƙafafuna ma sun fara tashi, bakina ne ya ƙi.

“Baba, don girman Allah kada ka je wurin mai allurar nan. Gwaggona ta je. A asibiti ana cire yana, mutum ya dawo yana gani. Kuma motar nan...”

“'Yar nan,” ya ce, “tuwon zai huce.”

Na tashi na fita.

Abin da na daɗe ina roƙo ya samu. Na buɗe manhajar da safe, riguna ne kawai, ba taya ba rago. Mata suka zo zaɓen ɗinki ba wanda ya yi mini dariya. Ni kuwa sai na rasa sukuni. Da, ko ban so ba, na san ya isa Zango, don lambar mai karɓar saƙo za ta iso. Yanzu in ya tayar da mota da safe, sai in yi ta kasa kunne har in ji ƙararta ta dawo. Na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Ranar kasuwar ya fita da wuri. Da ya dawo na leƙa ta jikin labule kamar ɓarauniya, na ga babu ƙyalle a idonsa, na yi hamdala. Amma washegari ma ya fita da fasinja, haka ma ranar da ta biyo baya.

Gaisuwarmu ta koma guntuwa fiye da da. In ajiye kwano, ya ce, “Sannu.” 'Yar nan ɗin ma ta faɗi a hanya. Na gaya wa Jibril in bai zo ya yi magana da ubansa ba, ni zan je wurin shugaban tasha da kaina, kowa ya ce Barakatu ba ta da kunya. Ya ce in rufa masa asiri, hakan zai kashe Baba a tsaye. Na ce to wa zai rufa wa fasinja nasu? Muka rabu ba daɗi. Na san da gaskiyarsa, na san da tawa, kuma kowace safiya motar tana fita.

Wata rana kuma ya fita bai yi lodi ba, ya dawo kafin azahar a kan acaɓa, motar kuma wani ya kawo ta daga baya. Ban tambaya ba, ba a gaya mini ba. Na dai lura ya wuce ta wajen Kalilu, don ledar shagon na gani a zaure, na ce shi ke nan, an cire asusuna, an rufe ƙofar har abada.

Bayan kwana kaɗan ina yanka wani leshi da hantsi, na buɗe manhajar don in duba wuyan rigar. A saman rigunana akwai sababbin hotuna biyu da ba ni na ɗauka ba.

Na fara da tsaki, don na ɗauka wani ya sake kunna masa ajiyar. Sai na tsaya. Da kunnawa aka yi, da duk abin da ya tara tun ranar nan ya kwararo gaba ɗaya, tayoyi da raguna da komai. Biyu ne kacal. Zaɓa aka yi, aka danna, aka turo. Ashe bai sa an cire asusuna ba.

Na farko saƙo ne daga asibitin ido, da sunansa a sama, da ranar da aka ba shi ya je Kano a yi masa aiki, da gargaɗin cewa ya zo da wanda zai kula da shi. Ashe ranar da ya dawo kan acaɓa, duba ido ya je aka yi masa. Na biyu hirarsa ce da shugaban tasha. Baba ya rubuta da manyan baƙaƙen nan: a ba wani layina na lodi, sai abin da likita ya ce. Shugaban ya amsa da Allah ya ba da lafiya.

Na zauna a kan keken ɗinki na yi kuka, almakashi a hannuna. Mutumin da ba zai iya kallona ya ce yana bukatar rakiya ba, ya je ya sa an koya masa inda ake dannawa.

Da yamma na kai tuwo. Na durƙusa na ajiye. Bai ɗago ba, ni ma ban ɗago ba.

“Sannu, 'yar nan.”

“Yauwa, Baba. Baban Fadila zai zo ana gobe tafiyar.”

“To,” ya ce.

Wannan karon ban roƙi Jibril ba, gaya masa na yi, kuma ya zo. Da sassafe na fito da kwandon abinci na tarar da su a ƙofar gida. An wanke motar. Baba ya zagaya ta, ya taɓa tayoyin da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ƙofar direba ya gyara kujerar, ya tsaya riƙe da makullin har Jibril ya fara kallon ƙasa. Sannan ya miƙa masa.

“Giya ta biyu tana da gardama,” ya ce. “Kada ka tilasta mata.”

Ya zagaya ta gaban motar a hankali, hannunsa yana bin jikinta, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna. Bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ya ɗora su a gwiwa, ya sauke, ya sake ɗorawa. Na miƙa kwandon ta taga, ya karɓa ya rungume shi a cinya, suka tafi.